Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sana'ar POS Na Garin Kaduna

'Yan'uwana abokan sana'a, na Kasuwar Barci da Kawo da Rigasa da Unguwar Rimi da Badarawa da sauran unguwanni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya sa albarka a nemanmu, na rubuto muku ne a kan wata damfara da take bi ta hannunmu ba tare da mun sani ba, wato damfarar da ake yi da sunan soyayya da neman aure, inda wani da yake cewa yana ƙasar waje zai yi wata da watanni yana shiga ran mutum, sai ya ga an sakankance da shi sannan ya ƙirƙiro wata musiba ta gaggawa ya nemi a turo masa kuɗi. Ku na rubuto wa, ba hukuma ba, domin kafin magana ta isa gaban hukuma kuɗin sun riga sun tafi. Mu ne mutane na ƙarshe da wanda za a cuta yake tsayawa a gabansu da kuɗinsa a hannu, kuma mu ne muke fara ganin abin da shi bai gani ba, wato sunan mai asusun da na'ura take fitarwa kafin a danna turawa.

Ina da shago a Tudun Wada, kuma abin da zan ba ku labari a gabana ya faru, da laifina a ciki. Matar ba zan faɗi sunanta ba, zan dai kira ta Hajiya kamar yadda muke kiranta a layi. Bazawara ce, tela, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma ba mace ce mai rawar kai ba. Ita take riƙe da adashin matan layinsu, wanda kun san ba a ba wa wawa riƙon adashi. Mutumin ya fara yi mata magana ne a Facebook a ƙarƙashin hoton wani ɗinki da ta saka, daga nan suka koma WhatsApp. Ya ce shi injiniya ne a wani kamfanin gine-gine a Turkiyya, mahaifiyarsa Bahaushiya ce amma a waje ya tashi, shi ya sa Hausarsa ba ta nuna ba, ya ce matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Lambarsa da +90 take farawa, wadda kuwa ta Turkiyya ce da gaske. Abin da Hajiya ba ta sani ba shi ne irin wannan lamba ana sayenta a intanet, mutum yana zaune a ɗakinsa a kowace ƙasa ya buɗe WhatsApp da ita.

Wata biyar cur bai taɓa neman ko sisi a wurinta ba, kuma nan ne ƙarfin wannan damfara yake. Shi yake tashinta sallar asuba da saƙo. Ya san sunayen 'ya'yanta da ajin da kowane yake, ya san ranar da ƙaramin ya yi zazzaɓi, ya tambayi jikinsa da safe ya sake tambaya da dare. A watan azumi har ya aiko mata da naira dubu 20 ya ce a sayi kayan buɗa baki. Ya haɗa ta da wata mata a waya da ya ce yayarsa ce, suka gaisa, matar ta kira ta amaryarmu. Ya tambayi wane ne waliyyinta, ya ce bayan Babbar Sallah zai zo a yi magana ta manya, amma ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa tukuna saboda bakin mutane da mahassada. Kun ga wannan roƙo a wajenmu ba baƙon abu ba ne, kowa ya san ana ɓoye maganar aure sai ta kankama, kuma da wannan al'ada tamu ya raba ta da duk wanda zai iya ce mata ta dakata. Duk lokacin da ta nemi su ga juna ta bidiyo sai ya ce a wurin aikinsu an hana, ko kuwa ya ɗauka na 'yan daƙiƙoƙi hoton ya yi dishi-dishi ya katse. Ko da ma an ga fuska a yau ba hujja ba ce, don akwai manhajojin da suke ɗora fuskar wani a kan ta wani.

Masu cewa kwaɗayi mabuɗin wahala suna da gaskiya a wasu damfarorin, amma a wannan ba su fahimci abin ba. Hajiya ba dukiya ta hango ba. Mutum ta samu da yake tambayarta ko ta ci abinci bayan shekara huɗu babu mai tambaya, kuma ranar da aka ce mata yana cikin wahala, tausayi ne ya fitar da kuɗin daga hannunta. Hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, FTC, ta bayyana cewa a 2022 kusan mutum dubu 70 ne suka kai mata ƙorafin irin wannan damfara, asararsu ta kai dala biliyan 1.3, kuma ƙaryar da ta fi yawa a cikin ƙorafe-ƙorafen ita ce ɗan damfarar ya ce shi ko wani nasa ba shi da lafiya, ko ya ji rauni, ko an kulle shi. Wato ko a can ma ta ƙofar tausayi ake shiga.

Musibar tasa ta zo ne a ranar da ya ce ya sauka a Abuja. Da azahar ya turo mata hoton akwatuna shida ya ce lefenta ne, da la'asar sai ga kira daga lambar Najeriya, wani mai kakkausar murya ya ce shi jami'in kwastam ne a filin jirgi, an tsare baƙonta saboda gwal da dalolin da ya shigo da su ba tare da ya bayyana ba, an karɓe wayarsa da katin bankinsa, kuma idan ba a biya naira dubu 185 na takardar izini kafin a tashi aiki ba za a miƙa shi kotu. Aka ba shi wayar ya yi mata magana na minti ɗaya yana kuka. Da wannan kuɗi ta zo shagona, tsaba, ta miƙo mini lamba goma a rubuce a bayan takardar awon ɗinki. Na shigar, na'ura ta fito da suna, sunan wani namiji ne da bai yi kama da na kowa a danginta ba, kuma na gani. Na ga hannunta yana rawa, na ga tana duba waya tana cewa in yi sauri. Na ce a raina ina ruwana, na tura, na cire cajina, na ba ta rasit. Wannan shirun nawa har yau yana damuna.

A nan nake so ku tsaya ku duba da ni, domin a wannan lamba goma ƙaryar wata biyar take tonuwa. Mutumin da yake aiki a Turkiyya, ko Dubai, ko Landan, idan da gaske yana can, asusun naira na bankin Najeriya ba zai amfane shi a asibitin can ko ofishin 'yan sandan can ba. Idan kuma an ce hukuma ce ta tsare shi a nan gida, to hukumar gwamnati ba ta karɓar haraji ko tara ta asusun wani mutum mai suna da sunan mahaifi. Kuɗin fito na kwastam ana fitar masa da takardar kimantawa ne, a biya a banki da sunan hukuma, a karɓi shaida. Gaskiya ne doka ta ce mai shigowa ko fita da abin da ya haura dala dubu 10 ya bayyana, kuma da wannan 'yar gaskiyar suke yi wa ƙaryar ado, amma wanda ya karya wannan doka ba a sakinsa don budurwarsa ta tura kuɗi daga Tudun Wada zuwa asusun wani yaro. Haka asibiti, haka kamfanin aika kaya, kowannensu yana da asusu da sunansa. Duk inda labari ya ce hukuma, na'ura kuma ta ce mutum, to maganar na'ura ce gaskiya.

Shi wannan sunan da yake fitowa ma yawanci ba na ɗan damfarar ba ne. Asusun haya ne. Ana samun ɗalibi ko mai neman aiki a ba shi 'yan dubbai ya buɗe asusu da BVN ko NIN ɗinsa ya miƙa kati da lambar sirri, wani lokaci ma wanda aka taɓa yaudara ne ake amfani da nasa asusun yana zaton taimakon masoyi yake yi. Kuɗi suna shiga ba sa kwana. A cikin mintoci ake rarraba su zuwa wasu asusun, ko a sayi kuɗin kirifto da su, ko kuma, abin da ya fi shafarmu, a je wurin wani mai POS a wani gari a cire su tsaba. Shi ya sa ba sa maimaita asusu ɗaya, kuma shi ya sa idan kuɗin sun yi yawa sukan ba da lamba biyu ko uku a raba, domin ƙananan asusun da ake buɗewa ta waya suna da iyakar abin da za su iya ɗauka, sannan babban kuɗi a asusun da bai saba gani ba yana jawo idon banki.

Washegari aka sake kiranta aka ce takardar ta fito, amma an gano gwal ɗin ya fi abin da aka rubuta, sai an ƙara naira dubu 420. Ba ta dawo wurina ba, kunya ta sa ta tafi wani shago a bakin kasuwa da daddare ta tura, kuma kuɗin adashin mutane ne ta taɓa. Wanda ya biya na farko yana biyan na biyu ne don kada na farkon ya tafi a banza, su kuma sun san haka, shi ya sa kullum sukan ce wannan ne na ƙarshe. A rana ta uku aka ce saura naira dubu 950 na lauya da beli. Ta sayar da sarƙa da 'yan kunnenta na gwal, ta zo wurina da hantsi saboda ɗaya shagon ya ce kuɗin da ke asusunsa ba su kai ba, ta miƙo mini lambobi biyu.

Wannan karon da sunan farko ya fito ban danna ba. Na juya mata na'urar na karanta shi a fili, sannan na ce, "Hajiya, wannan sunan ba shi ne na shekaranjiya ba. Kin san mai shi? Kin taɓa ganinsa ido da ido?" Ta ce ma'aikaci ne, an ce ta tura ta hannunsa. Na shigar da lamba ta biyu, sai ga sunan mace. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni ƙanenki ne, ba bincikenki nake yi ba. Amma ofishi ɗaya, kwana uku, mutum uku daban, kuma babu sunan ofishin ko a ɗaya." Ta yi shiru, wayarta tana ta ruri a hannunta, mai kiran yana katsewa yana sake kira. Sai ta zauna a kan bencin shagon ta miƙo mini wayar ba ta ce komai ba.

Ku lura ban ce mata saurayinta ɓarawo ne ba, kuma da na faɗi haka da ta kwashi kuɗinta ta tafi shago na gaba, don ba a rushe wata biyar da kalma ɗaya. A kan asusu na tsaya, abin da yake aikina ne kuma take iya gani da idonta. Daga baya ne, da ta nutsu, muka ɗauki hoton mutumin muka saka a Google Lens, manhajar da take nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sai ga fuskar ta fito a shafin wani bawan Allah ɗan wata ƙasa mai wani suna daban, da matarsa da ransa da lafiyarsa, wanda bai ma san ana yawo da hotunansa ba. Hoton akwatunan lefen kuwa na tallan wani shago ne. Wannan binciken ba kullum yake kamawa ba, tunda yanzu ana iya ƙirƙirar fuskar da ba ta kowa ba, saboda haka rashin samun hoton a wani wuri ba wanke mutum ba ne. Sunan asusu ya fi shi tabbas.

Yanzu ga abin da ya sa wasiƙar nan taku ce ba ta kowa ba. Idan kwastoma ya kawo tsabar kuɗi muka tura masa, a takardun banki ba shi ne ya tura ba, mu ne. Sunanmu ne a kan cinikin, daga asusunmu kuɗin suka fita. Da Hajiya ta je bankinta ta kai kuka, babu abin da za su gani a asusunta, domin kuɗin ba ta nan suka bi ba. Wanda zai iya kai ƙorafin da za a saurara shi ne mai na'urar, ta bankinsa ko kamfanin da ya ba shi na'urar, su kuma su tuntuɓi sashen yaƙi da zamba na bankin da kuɗin suka shiga, a nemi a dakatar da fitar kuɗi daga asusun. Abin da za su tambaya shi ne lambar asusun da aka tura wa, da sunan bankin, da adadin kuɗin, da rana da lokaci, da doguwar lambar nan da take kan rasit ko cikin tarihin ciniki wadda ake rubuta Session ID a gabanta. Da ita ake bin sawun kuɗi tsakanin banki da banki.

Ni na kira a take na ba da na dubu 185, amma kwana biyu sun wuce, asusun wayam. Na dubu 420 kuwa da daren jiya aka tura, akwai ɗan fata, sai dai abokin sana'armu na bakin kasuwa ya ce shi ba ya son shiga maganar 'yan sanda, shi turawa aka ce ya yi kuma ya tura. Sai da na je da kaina da wani dattijon layinsu muka lallashe shi, ya buɗe tarihin na'urarsa ya kira bayan la'asar. Naira dubu 60 aka tarar a ciki aka riƙe. Ko su ɗin ba a ranar suka dawo ba, domin banki yana iya riƙe kuɗi na ɗan lokaci a kan ƙorafi, amma mayar da su yakan buƙaci amincewar mai asusun ko umarnin kotu, kuma hakan yana nufin rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa da zirga-zirga. Da ya kira da hantsi lokacin da aka fara roƙonsa, Allah kaɗai ya san abin da za a tarar. A wannan harka awa ɗaya tana da tsada.

Tsoron da ya ji na fahimce shi, amma a juye ya ɗauki abin. Mai POS da ya kai rahoto da kansa, da rasit da lokaci, shaida ne. Wanda ya ɓoye, ko ya ba da asusunsa haya don a riƙa shigo da kuɗin da bai san tushensu ba yana cirewa ana ba shi kaso, shi ne yake sa kansa a layin waɗanda ake nema. Sunan 419 da muke kiransu da shi daga sashe na 419 na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a kudancin ƙasar nan ya samo asali, amma dokar tarayya ta 2006 a kan damfara ta shafi ko'ina, kuma hukuncin karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara a cikinta ɗaurin shekara 7 ne zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba. Kada kuma mu ɗauka yaro ɗaya ne da waya a ɗaki. A Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene guda a Victoria Island da ke Legas bisa zargin damfarar soyayya da ta kirifto, cikinsu har da 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Inda ake aiki irin na ma'aikata haka, ba mamaki wanda ya tashi Hajiya da asuba ba shi ne wanda ya yi mata sai da safe ba.

Ban ce ku zama alƙalai ko ku riƙa tsare kowa da tambaya ba. Mafi yawan masu turawa kuɗin kaya ne da kuɗin makaranta da na cefane, kuma wanda ya dage sai an tura masa, kuɗinsa ne, iyakarka ka faɗa masa gaskiya ko ka ce ba za ka yi da hannunka ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ku mayar da karanta sunan mai asusu a fili al'ada ga kowa, don kada wanda aka karanta wa ya ji an ware shi. Idan kuka ga kuɗi masu kauri a hannun wanda bai saba ba, ana kiransa a waya ana azalzalarsa, bai san mai sunan ba, ko ya dawo da sabuwar lamba a kan magana ɗaya, to ku tambaye shi a hankali, ba a gaban layi ba, ko ya taɓa ganin mutumin. Ba mata kaɗai ba ne. Na ga magidanci da furfurarsa yana tura kuɗin biza da tikiti ga wata da ta ce ta musulunta danginta sun kore ta, kuma maza sun fi mata ɓoyewa. Sannan ku riƙe sirrin wanda abin ya faɗa wa, domin tsoron a ji a unguwa shi ne yake hana mutane magana sai kuɗin sun gama tafiya.

Abu na ƙarshe da ya kamata ku gaya wa duk wanda aka cuta shi ne kada ya goge hirar. Hajiya ta so ta share komai don takaici, na hana ta, muka ɗauki hoton saƙonnin da lambobin waya da rasit biyu, aka rubuta takardar koke aka kai ofishin EFCC na shiyyar Kaduna. Kuma ku gargaɗe shi cewa za a sake nemansa. Bayan mako biyu wani ya kira Hajiya ya ce shi jami'in bincike ne, an kama ɓarayin, an gano kuɗinta, amma sai ta biya naira dubu 75 na buɗe fayil kafin a sakar mata. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa lambarta. Wannan karon da kanta ta zo shagon, ba da kuɗi ba, da lambar kawai, ta ce in duba mata sunan da zai fito. Sunan wani yaro ne. Ta rubuta shi a takarda aka ƙara a cikin koken. Gwal ɗinta ba ta samu ta fanso ba, amma kuɗinsa suna hannunta, da su ta cike adashin mutane kafin ranar kwasa.

Ina roƙon shugabanninmu na kowace kasuwa da kowace unguwa su karanta wannan a taronsu na gaba, kuma kowannenmu ya nemi lambar sashen zamba na bankinsa ko kamfanin na'urarsa tun yau, ya rubuta ta ya manna a jikin teburinsa.

Wassalam.

Naku a sana'a,
Wani mai shagon POS,
Tudun Wada, Kaduna.